Ciwon Mashaƙo: A Riƙa Lissafin Kwanaki

Tun daga watan Disamba na 2022, lokacin da aka sanar da ɓarkewar ciwon mashaƙo a Kano da Legas, ba mu daina jin labarinsa ba. Zuwa watan Maris na 2025, Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya ta ƙidaya mutum fiye da 25,000 waɗanda aka tabbatar ciwon ya kama, fiye da 1,300 daga cikinsu kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Jihar Kano ce ta ɗauki kaso mafi yawa, sa'an nan Yobe da Bauchi da Katsina da Barno. Yawancin waɗanda ciwon ya kayar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A watan Yuli na 2023 ya ɓulla a Matamaye ta ƙasar Damagaram, don ciwo ba ya tsayawa a bakin iyaka ya nuna takarda.

Muna so mu yi magana yau da malaman makaranta da akawuna da sauran ma'aikata, domin su ne mutane kan zo wa da tambaya in abu ya rikice a unguwa. Maganarmu guda ce: a wannan ciwo, abin da ya fi raba mai rai da mamaci shi ne yawan kwanakin da aka yi kafin a kai yaro asibiti. Wanda ya fahimci dalilin haka ba zai ƙara cewa a bari a ga yadda gobe za ta yi ba.

Da farko sai mu gyara suna. Bahaushe ya daɗe yana kiran ciwon maƙogwaro iri iri da sunan mashaƙo, wasu kuma su ce maƙarau. Wanda muke nufi a nan shi ne wanda likitoci ke kira difteriya. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ke bin tari da atishawa da yawu daga mutum zuwa mutum. In ta shiga, takan yi kwana 2 zuwa 5 kafin ciwo ya bayyana. Farkonsa ba ya da ban tsoro ko kaɗan: ɗan zazzaɓi wanda bai cika zafi ba, kasala, da zafin haɗiya. Wannan sanyin farawa shi ne yaudararsa ta fari, don iyaye sun saba auna tsananin ciwo da zafin jiki.

Bayan kwana biyu ko uku sai wani tantani ya shimfiɗu a can cikin maƙogwaro, a kan ƙulullutan nan biyu na gefe, ya hau beli, wani lokaci ya gangara har maƙoshi. Launinsa toka-toka ne, kamar tsohuwar fata da ta jiƙa, in jini ya shiga cikinsa yakan yi baƙi. Ba majina ba ce da za a share. Naman wurin ne ya mutu, ya cakuɗe da jini da ƙwayoyin cutar, ya manne. In aka kankare shi sai jini ya fito, sa'an nan ya sake tohowa. Da wannan ake bambanta shi da fararen ɗige-ɗigen da akan gani a ciwon maƙogwaro na yau da kullum, waɗanda ke gogewa ba jini. Sau da yawa baki kan yi wari, wuya kuma ya kumbura daga ƙarƙashin haɓa har kusan ƙirji, har ya zama ba a bambanta haɓa da wuya. Nan ne mutane ke yin kuskure na biyu, su ce hangum ne. Amma hangum gaban kunne yake kumburawa, kuma ba ya shimfiɗa tantani a maƙogwaro. Duk wanda ya sa yaro ya buɗe baki ya ce "aa", ya haska da tocila, zai iya ganin bambancin.

Haɗarin tantanin nan a fili yake. Hanyar numfashin ƙaramin yaro ba ta fi kaurin ɗan yatsansa ba. In tantani ya gangara cikinta, sai murya ta dishe, tari ya koma kamar haushi, numfashi ya riƙa ƙara in ana jan sa, ramin wuya da tsakanin haƙarƙari su riƙa lotsawa. Wani lokaci ɓangaren tantanin kan ɓalle ya toshe hanyar gaba ɗaya. Saboda haka muke roƙon jama'a, kada a kai irin wannan yaro wurin wanzami a ce a cire masa beli, kada kuma a sa yatsa ko tsumma a goge. Yankan ba ya cire ciwon, sai dai ya buɗe wa dafi ƙofa, ya jawo zubar jini, askar kuma ta ɗauki cutar ta kai wa yaro na gaba.

To, amma tantanin da ake gani ba shi ne babban maƙiyi ba. Ƙwayar cutar ba ta cika barin maƙogwaro ba. Tana nan zaune tana tsatso wani dafi wanda jini ke kwasa ya kai ko'ina. Wani likitan Jamus, Löffler, wanda ya fara raino ƙwayar a 1884, ya lura da wannan abin mamaki: ƙwaya a wuya, ɓarna a can cikin jiki. A 1888 Roux da Yersin a Faris suka tace ruwan da ƙwayar ta zauna a ciki, suka nuna cewa ruwan kaɗai, ba ƙwaya ko ɗaya, yana kashe dabba. Aikin dafin shi ne ya kutsa cikin ƙananan ɗakunan da aka gina naman jiki da su, ya tsayar da aikin da suke yi na sabunta kansu. Ɗakin da ya daina wannan aiki ba ya rushewa nan take, sai ya yi ta lalacewa a hankali har ya mutu. Wannan ne ya sa ɓarnar dafin ba ta bayyana ranar da aka yi ta. Kamar gara ce a cikin azara: ranar da soro ya rufta ba ita ce ranar da aka ci shi ba.

Zuciya ce kan fara nunawa, galibi daga ƙarshen makon farko zuwa cikin na biyu, wato daidai lokacin da maƙogwaro ya fara washewa, iyaye suna hamdala. Cikin kowane goma da ciwon ya kama a wuya, ɗaya ko biyu sukan sami taɓuwar zuciya mai tsanani, kuma gwargwadon faɗin tantani da kumburin wuya, gwargwadon haɗarin. Alamunta su ne yaro ya yi fari fat, ya yi laushi, ya riƙa amai ko kukan ciwon ciki, bugun jijiyar hannunsa ya yi sauri ƙwarai, ko ya yi nawa ƙwarai, ko ya riƙa tsallake. Dafin ya raunana naman zuciyar, ya kuma lalata hanyar da ke daidaita bugunta. Irin wannan yaro yana iya tashi ya ruga tsakar gida ya faɗi, shi ke nan. Mafi yawan mace-macen mashaƙo da ke zuwa bayan an tsallake shaƙewa daga nan suke. Don haka in likita ya ce yaro ya kwanta mako biyu ko uku, ba ya gudu, ba ya ɗaukar kaya, ba don son riƙe gado ya faɗa ba.

Jijiyoyi su ne na ƙarshe. Dafin kan ci rigar da ke lulluɓe da jijiya, sai saƙo ya kasa wucewa. Wajen mako na biyu zuwa na uku ganɗa kan saki: yaro ya riƙa magana ta hanci, in ya sha ruwa ko koko ya dawo ta hanci, ko ya ƙware. Bayan haka ido kan kasa karanta abin da ke kusa. Malamin aji ya lura da wannan, kada ya ɗauka lalaci ne ya kai ga bulala. Daga mako na biyar zuwa wajen na takwas ƙafafu da hannaye na iya yin sanyi, in abin ya kai ga naman da ke jan numfashi kuwa sai an taimaka wa yaro da na'ura. Abin farin ciki a nan shi ne, wanda ya tsallake wannan lokaci jijiyoyinsa kan warke sarai, ko da za a ɗauki watanni. Abin da ake tsoro shi ne abinci ya faɗa huhu, ko numfashi ya tsaya ba kowa kusa.

Yanzu sai maganar magani, kuma iri biyu ne, kowane da aikinsa. Na ɗaya shi ne mai kashe ƙwayar cutar, irin su azitromaisin da eritromaisin da fenisilin. Shi ke tsayar da tsatsar sabon dafi, kuma bayan kamar kwana biyu ana shansa mai ciwo yakan daina yaɗawa, ko da yake sai an cika kwanakin da likita ya yanka. Amma ba ya taɓa dafin da ya riga ya shiga jini. Wannan aikin makari ne. A 1890 Behring da Kitasato suka gano cewa dabbar da aka saba wa jikinta da dafi kaɗan kaɗan, ruwan jininta kan zama makarinsa. A 1894 Roux ya gwada ruwan jinin doki a kan yara ɗaruruwa a Faris, mutuwa ta ragu daga wajen rabi zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Har yau daga jinin dawaki ake samo makarin nan.

Ga iyakarsa, kuma ita ce zuciyar maganarmu. Makari yana kama dafin da ke yawo cikin jini ne kaɗai. Wanda ya riga ya shige cikin naman zuciya ko jijiya ya kuɓuce masa har abada. Ashe makarin da aka ba yaro ran farko ko ta biyu ya tare kusan dukan dafin a hanya, wanda aka ba shi ran biyar kuwa ya tarar an riga an yi rabin ɓarna. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a ba da makari da zarar an ga alamun, ba a jiran sakamakon gwaji, don gwajin kan ci kwanaki. Yawan makarin ma ba da shekaru ko nauyi ake auna shi ba, da girman ciwo da daɗewarsa ne. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, mai ciwon maƙogwaro da bai kai kwana biyu ba awo 20,000 ake ba shi. In ya haɗa da bayan hanci, 40,000. In ya kai kwana biyu, ko wuya ya kumbura, ko ciwon ya yi tsanani, 80,000. Sau ɗaya ake ba da shi, ta jijiya, a hankali. Da yake daga doki ya fito, jikin wasu kan yi bore da shi, shi ya sa sai a asibiti, da allurar taimako a ajiye kusa. Ba abin da za a nema a kemis ba ne.

Bari mu buga misali da gida guda, don lissafin ya fito. A ce yaro ɗan shekara 7, wanda aka yi wa allurar jarirai sau ɗaya aka daina, ya tashi ran Lahadi da zafin haɗiya. Ran Litinin aka sayo masa maganin zazzaɓi. Ran Talata wuya ya fara kumbura, kakarsa ta ce hangum ne, aka shafa masa abin shafawa. Ran Alhamis, kwana na biyar, numfashinsa ya fara ƙara, sai aka garzaya asibiti. Likita ya ga tantani ya rufe gefe biyu da beli, ya ba shi awo 80,000 da maganin ƙwaya. Cikin 'yan kwanaki tantani ya bushe ya faɗi, yaro ya nemi tuwo, uban ya fara maganar sallama. Likita ya hana. Ran kwana na 11 yaro ya yi amai, ya yi fari, bugun zuciyarsa ya sauka ya riƙa tsallake. Da yana gida, da wataƙila a nan labarin ya ƙare. Da yawa a nan nasu ke ƙarewa ko a asibitin ma. A ce Allah Ya yi masa gyaɗar dogo ya tsallake. A mako na uku koko ya fara fitowa ta hancinsa, a na shida ya kasa hawa dakali, sai bayan wata uku ya koma makaranta.

Ƙanwarsa 'yar shekara 4 ta fara nata ciwon kwana uku bayan an kwantar da shi. Wannan karon uwar ta san abin da za ta duba. Ta haska bakin yarinya, ta ga ɗan toka-toka a gefe guda, ta kai ta a ranar. Awo 20,000 aka ba ta, da maganin ƙwaya, ta warke ba abin da ya taɓa zuciyarta. Cuta ɗaya, gida ɗaya, asibiti ɗaya. Bambancin kwana huɗu ne. A lura kuma, makarin da aka kashe wa yaron shi kaɗai zai ishi yara huɗu irin ƙanwarsa. A lokacin annoba, da makari ke ƙaranci a duniya duka saboda masu yin sa kaɗan ne, jinkirin gida ɗaya yana cin rabon gida uku.

Abin da ke faruwa in babu makari sam, mun gan shi a ƙasarmu. A 2011 ciwon ya faɗa wa ƙauyen Kimba da kewayensa a ƙasar Biu. Mutum 98 ya kama, kusan ɗaya cikin kowane biyar ya rasu. Ba a sami makari ba, kuma kusan dukansu ba wanda aka taɓa yi wa rigakafi. Wannan gargaɗi ne da aka yi mana shekara 11 kafin na Kano, ba mu ji ba.

Me ya sa ciwon da aka sami rigakafinsa tun 1923, lokacin da Ramon ya gano yadda ake kashe kaifin dafin a mai da shi allura, ya dawo mana da wannan ƙarfi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Nijeriya rigakafin mashaƙo yana cikin allurar nan ta Fenta da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14. Sai an cika ukun kariya ke kama jiki sosai. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna yara 57 cikin 100 ne suka sami ta ukun, a jihohin Arewa da yawa kuwa abin bai kai haka ba. Akawu ya ɗauki alƙalami: gundumar da ake haifar yara 1,000 a shekara, in 570 ne aka cika wa, an bar 430. Waɗannan ba sa ɓacewa in shekara ta ƙare. Suna girma, na bana su taru da na bara, cikin shekara goma sun zama 4,300, suna zaune kafaɗa da kafaɗa a aji ɗaya da tsangaya ɗaya. Shi ya sa annobar ta fi cin 'yan makaranta, ba jarirai kaɗai ba. Tsaikon da cutar korona ta kawo wa asibitoci a 2020 ya ƙara faɗin tsagar, amma ba shi ya fara ta ba.

Kada kuma manya su ɗauka sun tsira. Kariyar allurar jarirai tana raguwa da shekaru. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, rigakafi ya yi rauni a can, cikin shekarun 1990 ciwon ya kama mutum fiye da 150,000, ya kashe dubbai, kuma mafi yawan waɗanda ya kama manya ne. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 take ba da shawarar a ƙara allura uku bayan na jarirai: ɗaya a shekara ta biyu, ɗaya tsakanin shekara 4 da 7, ɗaya tsakanin 9 da 15. A ganinmu, ya kamata hukumomin lafiya su mai da waɗannan abin yi na kullum ta hanyar makarantu, ba sai annoba ta tashi a bi gida gida da gaggawa ba. Haka kuma ya kamata a ajiye makari a manyan asibitocin kowace shiyya tun kafin a bukace shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu cewa sun ga yaron da aka yi wa allura kuma ciwon ya kama shi, to ina amfaninta? Tambaya ce mai kyau, ga amsarta. Allurar tana koya wa jiki kama dafi ne, ba ta hana ƙwayar sauka a maƙogwaro ɗungum. Wanda aka cika wa allura yana iya ɗaukar ƙwayar, har ya ɗan yi ciwo, amma da wuya dafin ya kai ga zuciyarsa. A ƙidayar annobar nan, wajen ɗaya cikin biyar ne kawai na waɗanda ciwon ya kama aka tabbatar an cika musu allura. Wannan bayani kuma shi ne dalilin da ya sa in an sami mai ciwo a gida, akan ba dukan mutanen gidan maganin ƙwaya, har masu lafiya da waɗanda aka yi wa allura, don mai lafiya na iya yawo da ita bai sani ba. Shi kansa wanda ya warke sai an yi masa allura, domin ciwon ba kullum yake barin kariya ba.

Saura abin da ke hannun mai karatu. Malamin da ke kiran suna kowace safiya shi ne ya fi kowa saurin sanin yara uku sun yi fashi saboda ciwon wuya a mako guda. Ya aika a duba bakinsu, ya sanar da ma'aikacin lafiya na yankin a ranar, kada ya jira taron ƙarshen wata. Yaron da ya dawo aji bayan mashaƙo, a ɗauke masa guje-guje da ɗibar ruwa har likita ya yarda, a kuma sa ido kan muryarsa da karatunsa da tafiyarsa har wata biyu. Ranar ɗaukar sababbin yara, a nemi katin rigakafi tare da takardar haihuwa. Wanda ba shi da shi kada a kore shi, a rubuta sunansa a miƙa wa asibiti. Akawun da takardar rahoton ciwo ta zo teburinsa ya tuna cewa kwana ɗaya da ta yi cikin tire yana iya zama kwanan da ya raba yaron misalinmu da ƙanwarsa. Dagatai da masu unguwa kuma su yi wa wanzamai magana da girmamawa, don sau da yawa su ake fara kai wa yaro, kuma wanzamin da ya san tantanin nan ya ce a wuce asibiti ya ceci rai.

Iyayenmu sun ga yadda masu lamba suka bi gari gari har agana ta ƙare a duniya, aka tabbatar da haka a 1980. Mashaƙo bai fi agana ƙarfi ba. Abin da yake nema a gare mu shi ne allura uku a cika su, ƙari a kan lokaci, da tocila a bakin duk yaron da ya ce haɗiya na yi masa zafi. Allah Ya kiyaye mana zuriya, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, amin.